Hayaki da ƙura ka zana da hannu, particle na ƙananan abu ne

Jama'a, in kana animation na 2D, kar ka ɓata dare kana simulation na hayaki a Blender. Zana babban jikin hayakin da hannu, particle system ka bar shi ga tartsatsin wuta, ɗigon ruwa da 'yan ƙananan duwatsu.

Na gwada a wani shot na babur ya taka birki a titin ƙasa, irin na unguwarmu nan Jos lokacin hunturu. Da farko Mantaflow na sa, wato kayan simulation na hayaki da ruwa na Blender, laftop ɗina ya kwana yana bake, aka ɗauke wuta, kuma abin da ya fito da safe yayi laushi kamar hoton kyamara, sam bai zauna da zanen ba.

Sai na koma Grease Pencil, kayan zane da hannu na cikin Blender. A frame 24 duk sakan, in ka riƙe kowane zane frame biyu, zane 12 ne kawai a sakan guda. Ukun farko ƙurar ta kumbura da sauri, sauran tara tana rage gudu, tana tsagewa ƙanana har ta ɓace. Kala biyu sun isa, haske da inuwa. A kai na ɗora tsakuwa kamar talatin na particle, shikenan.

Abin da yasa yake aiki, ido siffa da lokaci yake karantawa, kuma da hannu kai ke da iko da su biyun.

Ka lura fa, tsakuwar ma ta riƙa motsi duk frame biyu, in ba haka ba za ka ga tana sulɓi ita kaɗai ƙurar na tsalle.

Amma in kyamara na zagaya hayakin ko ƙurar a 3D, zanen zai fito fale-fale kamar kwali. Haka in hayaƙin zai daɗe yana tashi, loop na zane takwas ana gane maimaicinsa nan da nan. Nan kam ka haƙura kayi simulation, ka fara da resolution 32 kafin ka ƙara.