Yadda Ake Shirya Zaman Sulhu Tsakanin Manomi da Makiyayi Ba Tare da Nuna Ɓangaranci Ba

A lokacin kaka, bayan an girbe gero amma wake yana nan a gona, ana yawan samun saɓani tsakanin manoma da makiyaya. A ɗauka shanu sun ratsa gonar waken wani manomi da dare, shi ya ce garken rugar da ke gabas da gari ne, mai garken kuma ya ce shanunsa ba su bar burtali ba. An roƙe ka ka haɗa su, domin dukansu suna ganin girmanka. Aikinka na farko shi ne ka sa mutanen nan biyu su zo wuri ɗaya, kowa yana jin ba gurfanar da shi za a yi ba. Wannan kuwa ya rataya ne a kan kalmomin da ka aika da su.

Ka fara da ganin kowanne shi kaɗai, a rana ɗaya in da hali, domin idan ka je wajen manomi yau, ka kai kwana uku kafin ka je ruga, labari zai riga ka isa, a ce ka riga ka ɗauki maganar mutanen gari. Wajen makiyayi ka bi ta hannun arɗonsa, wajen manomi ka bi ta hannun mai unguwarsa. A wannan ziyara kada ka nemi cikakken bayanin abin da ya faru, kada kuma ka ɗauki maganar wani ka kai wa wani. Tambaya uku ta isa: shin ya yarda a zauna, wane wuri ne ba zai iya zuwa ba, kuma wane ne yake so ya raka shi.

Zaɓen wuri shi ne inda masu kyakkyawar niyya suka fi yin tuntuɓe. Zauren dagaci wuri ne mai daraja, amma idan manomin ɗan garin ne, makiyayin kuma baƙo ne da ya sauka wata biyu da suka wuce, to a idonsa an kai shi gidan dangin abokin rigimarsa. Ruga ma haka take ga manomi. Ofishin 'yan sanda yana sa a ji kamar an kama wani, ita kuwa gonar da ake magana a kanta tana tayar da zuciya, don haka duba ta aiki ne dabam da za a wakilta mutane su yi. Abin da ya fi dacewa shi ne wurin da ba na kowa ba kuma tazararsa ta yi kusan daidai, kamar filin idi, ko ajin makarantar firamare bayan an tashi yara, da izinin shugaban makarantar. Ka ambaci wurare biyu ga kowannensu, ka tambayi wanda bai kwanta masa ba. Idan an tsayar, ka ce "wurin da aka amince da shi", kada ka ce wane ne ya kawo shawarar, domin da zarar an ji daga bakin ɗaya ta fito, ɗayan zai fara neman abin da ke ƙarƙashinta.

Akwai inda doka da kanta ta sa a fara zuwa gaban sarakuna. A Jamhuriyar Nijar, dokar karkara ta 1993 ta wajabta a gwada sulhu a gaban hukumomin gargajiya kafin irin wannan rigima ta je kotu. A irin wannan hali ba za a kauce wa basarake ba, sai dai a roƙe shi ya zauna tare da shugaban makiyaya, a kuma faɗi haka tun a cikin gayyata.

Lokaci ma yana iya nuna son kai. Da sassafe makiyayi yana tatsa da sakin shanu, manomi yana gona, ranar kasuwa kuma babu wanda hankalinsa zai tsaya. Bayan sallar azahar ya fi sauƙi, da sharaɗin a tashi kafin magariba, kowa ya koma gida da sauran haske.

Game da mahalarta, ka ƙayyade adadi ɗaya ga kowane ɓangare, misali mutum uku-uku: mai magana, dattijo ɗaya daga danginsa, da shugabansa. Ka karɓi sunayen, ka sanar da ɗaya ɓangaren kafin ranar, domin a ba shi damar cewa akwai wanda ba zai iya zama da shi ba. Daidaita matsayi ya fi daidaita adadi muhimmanci; idan mai unguwa zai zo, to arɗo ya zo, kuma idan wani zai zo da lauya ko ɗan siyasa, ko dai a hana, ko a bai wa ɗayan irin wannan damar. Yaron da yake kiwo a daren, da wanda ya fara ganin gonar, su jira a kusa, a kira su in an buƙace su. Idan makiyayin ya fi sakewa da Fulatanci, a nemo tafinta wanda duka biyun suka yarda da shi, ba ɗaya daga cikin 'yan rakiya ba.

Sai kuma saƙon gayyatar, wanda ya kamata ya zama iri ɗaya kalma da kalma, suna kawai za a canza. Ga misali: "Malam wane, bayan gaisuwa da fatan alheri, muna gayyatarka zaman fahimtar juna game da abin da ya faru a gonar da ke gefen burtali. Za a zauna ranar Laraba bayan sallar azahar, a filin idi, wurin da ɓangarorin biyu suka amince da shi. Kowane ɓangare zai zo da mutum uku da aka riga aka ba da sunayensu. Wannan zama ba shari'a ba ne, kuma ba za a tilasta wa kowa karɓar abin da bai yarda da shi ba."

A lura da abin da aka bari a waje. Ba a ce "ana nemanka" ko "an kai ƙararka" ba, domin wannan harshen sammaci ne. Ba a ce "ɓarnar da shanunka suka yi" ba, domin an yanke hukunci ke nan tun ba a zauna ba, haka kuma ba a ce "ɓarnar da ake zargin an yi" ba, domin manomin zai ji ana ƙaryata shi. Ba a ambaci diyya ba. Idan da baki za a isar, mutum ɗaya ya kai wa duka biyun, kuma ya maimaita maka saƙon kafin ya tafi, saboda ɗan aike yakan ƙara gishiri ba da nufi ba.

Maganar makami tana buƙatar lafazi mai taushi. Sanda abokiyar tafiyar makiyayi ce, idan aka ce "kada a zo da sanda" shi kaɗai aka nufa. Gara a ce kowa zai ajiye abin da ke hannunsa, sanda ce, adda ce ko lauje, a wajen mutum ɗaya kafin a zauna.

A ranar, ka riga kowa isa, ka shimfiɗa tabarmi iri ɗaya a inuwa ɗaya, kada wani ya samu kujera wani yana ƙasa. Kada ka zauna hira da wanda ya fara zuwa, domin na biyun zai tarar da ku kuna raha ya ɗauka an gama magana. Idan wani ya zo da mutum shida maimakon uku, ka tare shi daga nesa, ka roƙi ukun su jira a gefe. In ya ƙi, ka ɗage zaman, ka sanar da duka biyun sabuwar rana da kalmomi iri ɗaya, ba tare da ka faɗi wanda ya jawo ɗagewar ba.