Uwar sibi ɗaya, 'ya'ya da yawa: kurakuran da na gaji da gyara wa yaran Aboabo

Shekara ta wajen bakwai ina taya yaran unguwa gyaran takardar tarihin aiki, wadda kowa a nan Kumasi yake ce wa sibi, kuma wallahi duk wata sai na ga abu ɗaya ya maimaitu. Yaro ya gama bautar ƙasa, ya zo da filashi a aljihu, in buɗe in tarar da fayil takwas, wannan sunansa sabo, wancan sabo na ƙarshe, wani kuma na ƙarshe na gaske, in tambaye shi wanne ne daidai sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Toh bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake zuwa in tura masa kawai.

Yadda nake yi shi ne, akwai fayil ɗaya da nake kira uwa. Uwa ba a aika ta ko'ina, ba a buga ta, babu mai ganinta sai ni. Rumbu ce. Tawa shafi shida ce yanzu, duk aikin da na taɓa yi yana ciki da watan farawa da watan gamawa, kuma ƙarƙashin kowane aiki akwai layi goma ko sha biyu na abun da na yi da hannuna. In talla ta fito sai in kwafi uwar, in sassare ta ta dawo shafi ɗaya ko biyu, wannan shi ne ɗa, shi ake aikawa. Mai koko ma ai ba ta kai tukunya gaban mai saye, ɗiba take yi.

Kuskuren da ya fi ƙona min rai, don ni kaina ya ci ni, shi ne haihuwar ɗa daga ɗa. Wato ka buɗe wanda ka aika makon jiya, ka ɗan canza kalma biyu uku, ka aika wani wurin. A 2015, lokacin dumso, wato yawan ɗauke wuta, ya yi tsanani, ina neman aikin kula da sito a wani kamfanin rarraba kaya. Ina kafe, wuta ta dawo, kowa yana sauri kafin a sake ɗaukewa, sai na buɗe sibin da na aika wani kamfani daban kwana huɗu kafin nan, na gyara layin sama, na tura. Suka kira ni ganawa, na guge riga, na shiga mota har Adum. Matar da ke tambayoyin ta juyo min takardar ta sa biro a kan layi na uku, inda na rubuta da kaina cewa babban burina shi ne in yi aiki da wancan ɗaya kamfanin, abokin gasarsu, sunan nan zaune ɓaro-ɓaro. Ba ta yi faɗa ba, murmushi kawai ta yi ta ce ko na ɓata hanya ne. Sauran ganawar ban san me na faɗa ba. Da na dawo gida Mma ta tambaye ni yaya, na ce sun ce za su kira.

Kuma sunan kamfani ma ƙaramar ɓarna ce a wannan ɗabi'ar. Babbar ita ce wadda ba ka gani. Duk lokacin da ka yi ɗa, yanka kake yi. Ka cire layi huɗu don aikin farko, ka kwafi wannan ka cire uku don na biyu, ka kwafi na biyun ka sake cirewa, kafin wata shida sibinka ya rame, abubuwan da ka yi da guminka sun ɓace kuma ba ka ma tuna ka taɓa rubuta su. Ni haka na rasa duk bayanin wata takwas da na yi ina riƙe littafin bashi a shagon kawuna a Alabar, sai da na zauna na sake tono shi daga ka.

Maganin da na yi wa kaina, na kulle uwar. A kwamfuta ka danna fayil ɗin da maɓallin dama, ka shiga Properties, ka sa alama a Read-only, daga nan ko ka manta ka yi gyara a ciki Word ba zai yarda ya ajiye a kanta ba, sai ya nemi sabon suna. In a Google Docs kake, File sannan Make a copy tun kafin ka taɓa ko harafi ɗaya. Wasu suna cewa kullewar ta yi yawa. Su suka sani, ni dai an taɓa juyo min takarda.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne, gyara ya tsaya a jikin ɗa bai koma wurin uwa ba. Kana cikin shirya wani ɗa sai ka lura an rubuta shekara ba daidai ba, ko ka canza lamba, ko wata jimla mai kyau ta zo maka, ka gyara a nan ka aika ka rufe. Wata mai zuwa ka kwafi uwa, tsohon kuskuren ya dawo da ƙafarsa. Wata ƙanwarmu a Sawaba ta yi wata uku tana aika sibi da lambar layin da aka sace tare da wayarta, ta gyara a fayil ɗaya ne kawai, sauran duk tsohuwar lamba. Tana ta cewa Yaya ba a kira na, ba a kira na. Ta ina za a kira ki? Don Allah in ka aika, kafin ka tashi daga kujerar, ka cire kullen uwa, ka mayar da duk sabon abu, ka sake kullewa. Minti biyu ne. Kuma duk ƙarshen wata in kana aiki ka ƙara layi ɗaya da adadi tun kana tunawa, mutum nawa, kwali nawa, sidi nawa, don bayan shekara biyu ƙirƙira za ka fara yi, kuma mai tambaya yana gane ƙirƙira daga tambaya ta biyu.

Bari in nuna yadda yankan yake da wani yaro da muka zauna da shi kwanan baya. Yana da babbar difloma a harkar saye da adana kaya, ya yi bautar ƙasa shekara ɗaya a sito, kafin nan ya yi shekara biyu a kiyos ɗin momo, wato tura kuɗi ta waya, kusa da Kejetiya. A uwarsa mun rubuta layi 11 a ƙarƙashin sito, 9 a ƙarƙashin momo, kuma a farkon kowane layi mun sa alama, `#sito` ko `#kudi` ko `#mutane`. Talla biyu suka fito mako ɗaya, ɗaya mai kula da sito, ɗaya kashiya.

Na sito muka fara. Muka karanta tallar sau biyu muka ja layi a kan abun da suka nanata, ƙidayar kaya da Excel da takardun shigar kaya da fitarsu. Muka kwafi uwa, muka bar layi 6 masu `#sito`, na ƙidayar ƙarshen wata ya hau sama don shi suka fara ambata, momo kuma muka bar masa layi 2 kawai, wanda ya nuna yana daidaita lissafi kullum da yamma. A tallar sun rubuta `stock taking`, shi kuma ya rubuta `counting of goods`, abu ɗaya ne amma muka mayar da tasu kalmar, don mai tacewa, mutum ne ko manhaja, kalmar da ya sa a talla ita idonsa yake nema. Na kashiya kuma muka koma uwa, ba ɗan farko ba, muka juya abun, momo ya sami layi 6, kuɗin da yake riƙewa a rana da yawan mutanen da yake sallama da yadda yake gane saƙon bogi, sito ya koma layi 3. Shekaru da sunan muƙami ba mu taɓa su ba, iri ɗaya a duka biyun, kuma wannan ba abun wasa ba ne, in ka zama mataimaki a wannan takarda manaja a waccan, ranar da aka kira wanda ka sa shaida asiri zai tonu. Kowanne ya ci mana kamar minti ashirin.

Da ka gama sai ka mayar da shi PDF, kuma a cikin PDF ɗin za ka yi bincike da Ctrl+F, don ya haɗa har rubutun can sama da can ƙasan shafi inda ido yake tsallakewa. Ka nemi `#` ka tabbata babu alamar da ta rage, ka nemi sunan wurin da ka nema na baya. Sannan wani abu da mutane ba sa dubawa, a Word ka shiga File sannan Info ka kalli Title. In ka ari sibin abokinka ka gina naka a kai, sau da yawa sunansa yana nan, kuma yana iya fitowa a saman burauza in an buɗe PDF ɗin. Na taɓa ganin na wani yaro yana ɗauke da sunan mace.

Ajiya kuma, kowane nema da foldarsa, shekara a gaba don su jeru da kansu:

```
2024-03-11_Kamfani_sito_Adum/
    Suna_CV.pdf
    talla.png
```

Sunan kamfani da kwanan wata a jikin folda suke, fayil ɗin da za ka aika sunanka kawai. Hoton tallar kuma ka ajiye shi, don sukan cire ta, a kira ka bayan wata biyu ka rasa me ma suka ce suna so, kuma wace sigar ce a hannunsu.

Sauran ƙanana ne. Kar uwa ta zauna a filashi kaɗai, kwamfutocin kafe cike suke da bairos, ka sa ta a Google Drive ko ka tura wa kanka ta imel. Kar ka ɗauki hoton takarda ka ce ka aika sibi, manhajar tacewa ba lallai ta iya karanta hoto ba, in ta WhatsApp aka ce ka tura to ka zaɓi Document. Lambar Ghana Card ba ta da aiki a sibi, in sun ɗauke ka za su nema. Masu shaida ka tara biyar a uwa, ka zaɓi biyu ko uku da suka dace da aikin, kuma ka buga musu waya tukuna, kar a kira Malam yana tsakiyar karatu a tambaye shi kai ya ce wane ne kuma wannan.

Yaron nan na momo ya dawo shekaranjiya da talla ta uku, aikin rubuta kaya a wani kantin magani a Bantama. Ina kallonsa ya kai hannu kan fayil ɗin kashiya zai buɗe, na buge hannun. Ya ce Yaya ai kusan iri ɗaya ne. Na ce buɗe uwa.