Masu saida atamfa, kar ku yi shiru bayan ciniki

Saƙo uku ya isa a WhatsApp.

Ranar da kaya suka isa: "Hajiya, saƙo ya iso lafiya?" Kar ki tallata komai, in da matsala gara ke ki fara ji.

Bayan sati biyu, lokacin tela ya gama ɗinki, ki tambaya ko ta zuba da aka wanke. In ta yaba sai ki nemi izinin sa maganarta a sitatus, ki ce duk ƙawar da ta turo akwai ragi.

Na ukun sai wata guda kafin sallah, ki tura kaloli irin wanda ta saya.

Amma fa in ta yi ƙorafi ki dakata da neman yabo, gyara tukunna. Kuma burodkas ba ya aiki, ana ganewa, bulokin za ki sha.