Yadda Ake Canza Launin Rigar Amarya a Hoto da Photoshop

Mu ɗauki jar riga da ake son ta koma kore. Buɗe hoton, ka zaɓi rigar da Quick Selection Tool. Idan ya haɗa da hannu ko wuya, riƙe Alt ka goge wurin. Ka ƙara girman hoton ka bi bakin hannun riga da wuya a hankali, domin fata ma tana da ja a cikinta, kuma nan ne launi ya fi tsallakawa.

Rigar na zaɓe, sai ka ƙara Hue/Saturation daga Adjustments. Zai fito da Layer Mask, inda fari ke nuna wurin da launi zai hau, baƙi kuma ya kare sauran. Ja Hue zuwa wajen +120, jan zai koma kore. Idan ya yi ƙyalli da yawa, rage Saturation kaɗan.

Ka ga kore a yatsu ko a bango? Danna Layer Mask ɗin, ka shafa wurin da baƙin Brush mai laushin baki.

Farar riga kuwa ba ta jin Hue. Sai ka danna Colorize a cikin Hue/Saturation ɗin, ka rage Lightness, sannan ka ja Hue zuwa launin da kake so, amma kar ka wuce gona da iri har lanƙwasar yadin ta ɓace.