Dawowar al'ada ga mai shayarwa: inda lissafi yake ɓacewa

Wata maƙwabciyata a Unguwar Rogo, nan Jos, ta ga jini goyonta na da wata 5. Na biyu bai zo ba sai bayan kwana 47, na uku kuma bayan kwana 24. Ta shigo hankali tashe: "Yaya, anya mahaifata ba ta lalace ba?" Lafiyarta lau. Duk lokacin da yaro ya tsotsa, jiki na ƙara sinadarin furolaktin mai kawo nono, shi kuma yana danne saƙon da ƙwaƙwalwa ke aikawa a saki ƙwai. Ita ta koma shagonta a Taminus, ana ba yaron koko da rana, amma da dare, cikin sanyin nan, yana manne da ita. Tsotso yau da yawa gobe kaɗan, haka ma saƙon. Wasu al'adarsu ba ta daidaita sai bayan yaye.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne a ce "ai ban ga wanki ba, ciki ba zai shiga ba". Ƙwai yakan fita kamar kwana 14 kafin jini, don haka ana iya yin kwanika ba a ga ko ɗigo ba. Shayarwa na karewa daga ɗaukar ciki, wajen kashi 98 cikin 100, idan abu uku sun haɗu: yaro bai cika wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Kada tazarar tsotso ta wuce awa 4 da rana ko awa 6 da dare. Da kaka ta fara ɗura masa ruwa ko kunu, sharaɗi ya karye, sai a nufi sashen tazarar haihuwa. Ƙwayar masu shayarwa, allurar wata uku da ashanar hannu ba sa hana nono zuwa.

Ƙirga kwanakin "lafiya" a kalanda ma ɓata lokaci ne, tunda babu tsayayyen zagayen da za a ƙirga a kai. Idan jini ya yi jinkiri, a sayi abin gwajin fitsari a kemis. Mako 3 bayan saduwa sakamakonsa abin dogaro ne.

Ana kuma rikita jinin biki da haila. Na biki yakan kai arba'in, ya ɗauke ya dawo, kuma ma'aikatan lafiya ba sa lissafa jinin da aka gani kafin kwana 56 a matsayin al'ada ga mai ba da nono zalla. Masu cewa haila na ɓata nono kuwa, a bar zancen. Yakan ɗan ragu kwana biyu, ƙara sa yaro a mama ke mayar da shi.

Abin da ba a zama da shi a gida: jinin da ke jiƙa audugar mata kowace awa har awa 2 a jere, ko na al'ada da ya wuce kwana 7, ko ya zo da wari, zazzaɓi ko jiri. Wannan na asibiti ne, a ranar.