Babi na Bakwai: Harajin da Ake Cirewa daga Albashi da Wanda Mutum Ke Lissafa wa Kansa

Darasi na 1: Mai albashi

A Najeriya, ma'aikaci ba ya kai haraji da hannunsa. Ofishin da yake aiki ne ke cire shi kafin albashi ya shiga asusunsa, sannan ya tura wa hukumar haraji ta jihar da ma'aikacin yake zaune, zuwa ranar 10 ga wata mai zuwa. Ku ɗauko takardar albashi, ku bi layukan da yatsa har ku ga haruffa huɗu: PAYE. Kuɗin da ke gabansu shi ne harajin wannan wata.

Ga wata malamar makaranta mai albashin naira 150,000 a wata. A shekara ya kama 1,800,000. An cire mata kuɗin fansho 144,000, saura 1,656,000. A dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, naira 800,000 na farko babu haraji a kansu. Mu cire su, saura 856,000. A kan wannan ragowar ake ɗaukar kashi 15 cikin 100, wato 128,400. A raba gida 12, sai 10,700 kowane wata. Matsalar da ake samu ita ce wani ofishin ya cire kuɗin amma bai tura ba, kuma malamar ba za ta sani ba sai ranar da ta je neman takardar shaidar biyan haraji. Saboda haka ku adana takardun albashinku duka.

Darasi na 2: Mai sana'ar kansa

Tela, mai shago, makanike, babu mai cire musu. Kowa zai zauna ya lissafa abin da ya samu a shekarar da ta wuce, ya cike fom, ya miƙa wa hukumar harajin jiharsa zuwa ranar 31 ga Maris, ya biya.

A nan ne yawancin ɗalibai ke tuntuɓe, don haka mu tafi a hankali. A kan riba ake biyan haraji. Ciniki shi ne duk kuɗin da ya shigo aljihun tebur. Riba ita ce abin da ya rage bayan an cire kuɗin da sana'ar ta ci. Ku maimaita da baki: ciniki daban, riba daban.

Mai shagon kayan masarufi ya yi cinikin naira 5,000,000 a shekara. Kada ku taɓa kashi 15 tukuna! Ya saro kaya na 3,000,000. Hayar shago 200,000, albashin yaron shago 240,000, wuta da dako 60,000. Ku haɗa: 3,500,000. Ku cire daga ciniki: saura 1,500,000. Wannan ce riba. Yanzu ku cire 800,000, saura 700,000. Kashi 15 cikin 100 na wannan shi ne 105,000. Da ya yi lissafin a kan ciniki, da ya ɗora wa kansa haraji fiye da ninki shida.

Wanda bai samu 105,000 ba, kada ya damu, ya goge ya sake. Ciniki a sama, kuɗin da sana'a ta ci a ƙasa, a cire. Sai an ga riba sannan a taɓa 800,000. A sake: ciniki, a cire kashewa, riba.

Cefanen gida, kuɗin makarantar yara da gudummawar biki ba sa shiga kashewar sana'a. Hayar gidan kwana ma ba hayar shago ba ce, tana da nata rangwamen daban: kashi 20 cikin 100 na hayar shekara, amma ba ya wuce 500,000.

Har yanzu akwai masu cewa lissafinsu yana kansu. Haba jama'a! Jami'in haraji ba ya karanta abin da ke cikin kai. Idan babu littafi babu rasit, shi zai yi muku ƙiyasi, kuma ba ku da abin musu. Littafin rubutu nawa yake? Shafin dama abin da ya shigo, na hagu abin da ya fita, kullum kafin a rufe shago. An faɗa a babin baya, ga shi ana sake faɗa.

Darasi na 3: Mai albashi kuma mai shago

Albashi da riba haɗa su ake yi wuri guda. Rangwamen 800,000 sau ɗaya ne. A lissafa harajin jimillar, a cire abin da ofis ya riga ya biya, a cika sauran. Abin da ya haura 3,000,000 kashinsa 18 ne, har zuwa 12,000,000.

Darasi na 4: Aiki

Tela ta yi cinikin 2,000,000, sana'ar ta ci 900,000. Ku nemo ribarta da harajinta, ku zo da shi mako mai zuwa.