Kurakuran Sabon Direba a Babban Titi: Jawabi ga Ɗaliban da Suka Kammala Koyon Tuƙi a Katsina

Assalamu alaikum, iyayena da ƙannena da 'ya'yana. Ina taya ku murnar cin gwaji, amma na gaji da ganin waɗanda na koyar suna maimaita kurakurai iri ɗaya da zarar lasisi ya shiga aljihunsu, shi ya sa ba zan sallame ku da addu'a kaɗai ba. Mai gwaji ya ga kun tayar da mota ba ta mutu ba, kun yi ribas, kun sha kwana, kun tsaya inda aka ce ku tsaya, kuma duk wannan a cikin gari ne, inda doka ta ƙayyade gudun kilomita 50 a awa. Bai gan ku a hanyar Daura ba, kuna bayan tirela mai jan jiki, rana ta kusa faɗuwa, na cikin mota suna cewa ku wuce ta mana.

Kuskure mafi muni shi ne wuce babbar mota ba tare da sanin tsawon titin da ake bukata ba. Sabon direba yana duban tirela ya ga abu ne mai tsawon mita 17 ko makamancin haka, sai ya ɗauka cewa da ya taka totur ya gama da ita. Ku bi ni mu yi lissafin. A ce tirelar tana tafiya kilomita 60 a awa, kai kuma kana 80, wanda shi ne iyakar da doka ta ba ƙaramar mota a irin wannan titi. Bambancin da ke tsakaninku kilomita 20 ne kacal, wato a kowane sakan kana cin mata ƙasa da mita 6. Kafin ka tashi daga bayanta, ka shafe tsawonta, ka ba ta rata a gaba sannan ka koma hannunka, sai ka ci mata kusan mita 60, kuma wannan zai ɗauke ka sakan 11 kana kan hannun masu tahowa. A cikin wannan lokaci motarka ta yi tafiyar kusan mita 240, mai tahowa kuwa, idan yana gudun 100 kamar yadda da yawa suke yi, ya ci mita 300. Ke nan kana bukatar fiye da rabin kilomita na titin da idonka yake gani sarai babu kowa a kansa. Idan akwai kwana, ko hawa, ko gada, ko mararraba, ko hazon hunturu ya rufe gaba, to ba ka da wannan rabin kilomitar, komai ƙarfin injinka.

Abin da ni nake yi, kuma ba na cewa kowane malamin tuƙi haka yake koyarwa, shi ne ba na manne wa tirela kafin in wuce ta. Ina ja baya har sai na hango madubin direbanta, domin idan ban ga madubinsa ba shi ma bai gan ni ba, kuma daga nesa ne ake iya leƙa gaba ba tare da an fitar da rabin mota ba. Sai in duba madubina, in kunna sigina, in sauko giya ɗaya domin motar ta samu ƙarfin ja, in yi hon, sannan in fita. Ba na komawa hannuna sai na ga gaban tirelar gaba ɗaya a madubin tsakiya. Idan kuwa na fita zuciyata ta yi ɗar, birki nake takawa in koma bayanta, domin wasu daga cikin waɗanda suka yi taho-mu-gama sun ga motar da ke zuwa, sai dai sun zaɓi ƙara wuta maimakon ja da baya.

Akwai wani reshe na wannan kuskure da ya fi ƙona mini rai, shi ne bin bayan wanda ya fita wucewa. Wani matashi da na koyar da hannuna, wanda ya fi kowa natsuwa a ajinsu, ya bi bayan wata motar haya da ta fita wuce tirela kafin a kai Mashi. Motar hayar ta samu ta kutsa ta koma hannunta, shi kuwa da ta kauce daga gabansa sai ya yi ido biyu da wata motar, tirela a damansa, babu wurin shiga. Allah Ya yi da sauran kwanansa, amma har yau da sanda yake tafiya, kuma ni ne na tsaya gaban mahaifinsa a asibiti na rasa abin faɗa. Saboda haka ku saurare ni da kyau, musamman ku samari da nake gani kuna murmushi a baya. Wanda ke gabanka lissafin motarsa ya yi, bai yi da kai ba, kuma jikin motarsa ya tare maka gani. Haka nan hannun da yaron mota yake miƙowa yana cewa ka wuce, ko siginar da direban tirela ya kunna, ba hujja ba ce, domin wataƙila shi kansa kwana zai sha ko rami zai kauce wa. Abin da idonka bai gani ba, kada ka ɗora ran iyalinka a kai.

Kuskure na biyu shi ne matse wa na gaba. A gudun 80 mota tana cin mita 22 a kowane sakan, kuma kafin ƙafarka ta bar totur ta isa birki sakan guda ya wuce, sannan motar tana bukatar sama da mita 30 kafin ta tsaya a kan busasshiyar kwalta. Idan gudu ya ninka, nisan da birki yake bukata sau huɗu yake ƙaruwa, ba sau biyu ba. Littafin dokokin hanya yana cewa a bar ratar sakan biyu, ni uku nake bari: idan na gaba ya wuce wata bishiya ko falwaya sai in ƙirga a hankali, idan na iso wurin kafin in kai uku to na matso da yawa. A ruwan farko na damina, lokacin da ƙura da mai suka haɗu suka sa kwalta santsi, ina ninka ratar. Kuma kada ku ce ai titi fayau yake, domin a hanyoyinmu abin da ke sa a taka birki ba zato shi ne garken shanu, ko amalanke marar fitila, ko mai babur da ya fito daga hanyar gona bai waiwaya ba. Na san wani zai shiga ratar da kuka bari, to ku ƙyale shi, ku sake buɗe wata.

Sauran ba sa bukatar dogon bayani. Ku rage gudu tun kafin ku shiga gari ranar kasuwa, ba sai kun tsinci kanku cikin mutane ba. Ku sauke doguwar fitila idan mota ta taho, kuma a cikin hazo gajeriyar ce take nuna hanya. Bel na kowa ne, har da Hajiya da ke zaune a baya, yaro kuma ba a ɗora shi a cinya a kujerar gaba. Waya ta jira ku tsaya. Ku duba lambobi huɗu da ke jikin taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, domin tsohuwar taya a zafin watan Afrilu tana fashewa ko da zanenta bai cinye ba, kuma idan ta fashe ku riƙe sitiyari da ƙarfi ku saki totur, kada ku danna birki. Ku adana lamba 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a wayoyinku tun yanzu.

Duk wanda bai taɓa tuƙi a wajen gari ba, kada tafiyarsa ta farko ta zama da iyali ko da daddare. Ya zo ya same ni da safe, mu hau hanyar Daura tare ina gefensa, ya wuce tirela biyu ko uku ina kallon yadda yake auna titin, sannan ya ɗauki mutane.